Baƙin Kwano, Toshasshen Rufi Da Silin Roba: Gargaɗi Ga Masu Gini

Wani yayi ya shigo ginin gidajenmu, kuma ya kamata a tsawata a kansa tun bai zama al'adar da ba ta kankaruwa ba. Duk wanda ya zaga sababbin unguwannin Kano, ko Katsina, ko Sakkwato, ko ya tsallaka Maraɗi da Damagaram, ya san fasalin da nake nufi. A sama kwano ne baƙi, ko ruwan toka mai duhu, ko ja mai duhu. An kwantar da shi kusan shafe, an ɗaga bango an kewaye shi don kada a hango shi daga waje, an bi kowace kafa da siminti an liƙe. A ciki kuwa silin roba ne mai sheƙi, wanda 'yan kasuwa ke kira fibisi, an jera masa ƙananan fitilu, an zagaye shi da ado. Ranar tarewa 'yan ganin ɗaki su ɗaga kai su ce ma sha Allah. Idan watan Afrilu ya kama, amarya da jaririnta su koma tsakar gida da tabarma, domin ɗakin ba ya shiguwa daga azahar har bayan isha'i.

Wannan kitso ne da ƙwarƙwata, kuma laifin na mutum uku ne. Akwai mai gida da ya zaɓi launin kwano daga hoton gidajen ƙasashen da dusar ƙanƙara ke zuba. Akwai kafinta da ya san gaskiya amma ya yi shiru don kada aiki ya kuɓuce masa. Akwai kuma mai kuɗin da ke gina ɗakunan haya, wanda ya san ba shi zai kwana a ciki ba. Idan ka yi wa kafinta maganar silin roba, amsarsa ɗaya ce: "Alhaji, ai yanzu shi ake yayi, ga shi ba ya cin ruwa, gara ba ta taɓa shi." Duk gaskiya ne. Sai dai babu wanda ya tambaye shi abin da silin zai yi da zafi, shi ma bai ɗauko zancen ba.

Ga abin da ke faruwa a saman kan mai ɗaki. Da tsakar rana a bazara, idan sama ta yi garau, kowace murabba'in mita ta rufi tana karɓar zafin rana da ya kai wat 900 zuwa 1,000. Farin kwano yana mayar da kusan kashi bakwai cikin goma na wannan zafi sama. Baƙin kwano yana shanye kashi takwas zuwa tara. Shi ya sa a ranar da iskar gari take digiri 41, abin da ba baƙo ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, baƙin kwano kan haura digiri 70, wani lokaci ya doshi 80. Ƙarfe ba ya riƙe zafi a jikinsa, nan take yake miƙa shi ƙasa ta hanya biyu. Yana dumama iskar da ke ƙarƙashinsa, sannan yana haska zafin kai tsaye a kan bayan silin, yadda mai zama nesa da garwashi ke jin hucinsa a fuska ko da iska ba ta kaɗo ba. Hanya ta biyun ita ce babba, ita ce kuma mutane ba su sani ba. Ko ka ba da tazarar mita guda tsakanin kwano da silin, hucin zai tsallake ta ya sauka.

To me ke tsaye tsakanin wannan wuta da mutum? Faranti ne na roba da kaurinsa bai wuce milimita 6 zuwa 8 ba, cikinsa rami-rami. Aikinsa shi ne ya ɓoye katako da wayoyi, ya tare ƙura da kashin ɓera. Bai san wani abu wai shi tare zafi ba. Silin fi'ofi, wato na farar hodar nan da ake kwaɓawa a zuba a zubi, ya fi shi nauyi kuma ba ya cin wuta, amma shi ma a wajen tare zafi ɗan bambancin kaɗan ne, don kaurinsa bai taka kara ya karya ba. Haka silin katako, haka na kwali. Duk wanda ya ce maka ya sa silin don haka ya yi maganin zafi, rabin zance ya faɗa.

Bari mu yi lissafi da ɗakin da kowa ya sani, sha biyu sha biyu, wato ƙafa 12 tsawo ƙafa 12 faɗi. Silinsa murabba'in mita 13.4 ne. Injiniyoyi suna auna ƙarfin abu wajen hana zafi ratsawa da wani ma'auni, mu kira shi juriya, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: ka ninka faɗin silin da bambancin zafin sama da na ɗaki, ka raba da juriya, abin da ya fito shi ne zafin da ke sauka. Silin roba, idan aka haɗa da 'yar siririyar iskar da ke kwance a samansa da ƙasansa, juriyarsa ba ta wuce wajen 0.35 ba. Mu ɗauka ƙarƙashin toshasshen baƙin rufi zafin da bayan silin ke fuskanta digiri 65 ne, ɗaki kuma yana 35. Bambanci 30 ke nan. Ninka 13.4 da 30, raba da 0.35, za ka sami wat 1,150 ko kusa da haka. Dutsen guga na lantarki wat 1,000 yake ci. Ke nan mai wannan ɗaki tamkar ya jona dutsen guga ne ya rataye shi a saman gadonsa, ba ya kashe shi daga hantsi har la'asar sakaliya.

Wannan lissafi yana bayyana abubuwa biyu da mutane ke kuka da su ba tare da sanin dalili ba. Na farko fanka. Idan zafi mai yawan haka yana ratsa silin, fuskarsa ta cikin ɗaki takan fi iskar ɗakin zafi da digiri goma ko fiye, ta kai 47 ko 48. Fatar mutum kuwa tana wajen 33 zuwa 34. Saboda haka silin da kansa yana gasa wanda ke ƙarƙashinsa, fankar sama kuma tana kwaso iskar da ta fi kowace zafi a ɗakin tana turo masa. Sai ka ji ana cewa fankar nan wuta take hurawa, a canza ta. Fankar lafiyarta ƙalau. Na biyu na'urar sanyaya ɗaki. Mai ƙarfin doki ɗaya tana iya kwashe zafin da ya kai wajen wat 2,600. Idan silin kaɗai yana zubo 1,150, kusan rabin ƙarfinta ya tafi a faɗa da rufi, kafin a zo ga bango da taga da jikin mutane. Na'ura ta yini tana gurnani ba ta huta ba, batirin sola ya ƙare kafin tsakar dare, mai gida ya zargi mai haɗa sola, ya ƙaro faranti da batir na maƙudan kuɗi. Da ya kashe kaɗan daga cikin kuɗin a bayan silin, da ya huta.

Yanzu a sake lissafin bayan an shimfiɗa abin tare zafi na gaskiya. Wanda aka fi samu a kasuwar kayan gini shi ne audugar gilas, wadda ake kira faiba gilas, tana zuwa a naɗe, galibi ruwan ɗorawa, wata da takardar alminiyam manne a gefe ɗaya. Ba ita kanta audugar ke aikin ba, iskar da ta kulle a cikin zarurrukanta ce, don iskar da ba ta motsi ba ta iya ɗaukar zafi ta kai wani wuri. Mai kaurin santimita 5 tana ƙara juriya da 1.25, jimla ta zama 1.6. Ninka 13.4 da 30, raba da 1.6, ya ba ka wat 250. Daga 1,150 an dawo 250, ba a taɓa kwano ba, ba a sauke silin ba. Fuskar silin da take 48 za ta dawo wajen 38. Idan aka sa mai santimita 10, zafin ya sauka zuwa wajen 140. A lura da yadda ribar ke raguwa: santimita biyar na farko sun kashe wat 900, biyar na biyu sun kashe ɗari da 'yan kai. Wanda kuɗinsa bai kai ba ya shimfiɗa mai santimita 5 a ɗakuna biyu, ya fi masa da ya tara 10 a ɗaki ɗaya.

Amma shimfiɗar tana da ƙa'ida, kuma a nan ne ake yawan ɓata aiki. A kan bayan silin ake kwantar da ita, gefe na taɓa gefe, babu giɓi. Zafi yana bin giɓi, kuma tsiri ɗaya da aka bari a buɗe a jikin bango yana iya cinye kaso mai tsoka na ribar. Ba a danne ta, ba a take ta, domin idan ta lotse daga santimita 5 zuwa 2, iskar ta fita, aikin ya tafi da ita. Ba ta son ruwa, saboda haka sai an toshe yoyon kwano kafin a sa ta. Nauyinta bai kai kilo ɗaya a murabba'in mita ba, amma silin roba da ya sha zafi ba abin dogaro ba ne, gara ta hau kan ƙananan katakan da ke riƙe da silin, ko a ja mata siririyar waya ta kwanta a kai. Mai aikin ya sa safar hannu, da riga mai dogon hannu, da takunkumi, don zarurrukan suna sa ƙaiƙayi da tari. Kuma da asuba ake hawa. Kada wani mai gida ya tura ɗan mutane cikin rufi da ƙarfe biyu na rana, wurin da zafi ya haura digiri 60, don mutum na iya suma a can ba wanda ya sani.

Sai babbar ɓarnar da na fi jin haushi, wato toshe rufi. Iskar da ke tsakanin kwano da silin dole ta sami hanyar shiga ta ƙasa da hanyar fita ta sama. Iska mai zafi sama take yi da kanta, ba ta buƙatar inji, buƙatarta kawai a buɗe mata ƙofa. Ƙa'idar da dokokin gini na wasu ƙasashe ke bi ita ce a bar kafar da ta kai kashi ɗaya cikin 150 na faɗin silin. A ɗakinmu sha biyu sha biyu wannan murabba'in santimita 900 ne, wato taga mai santimita 30 kowane gefe, a raba ta biyu, rabi a ƙasa wajen bakin rufi, rabi a can sama kusa da tsororuwa. Wannan shi ne mafi ƙaranci, kuma a ƙasa irin tamu ninka shi ba asara ba ne, balle ma ragar da za a sa tana rage faɗin. Tsofaffin gidajen kwano na ma'aikatan jirgin ƙasa da na makarantu suna da wannan: rufi mai tsayi, baki mai faɗi da ke yi wa bango inuwa, da 'yar taga mai tsaga-tsaga a kusurwar sama. Mu da muka zo daga baya muka cire duka ukun, muka kira shi ci gaba.

Masu toshewa suna da hujjarsu, ba kuma ta banza ba ce. Suna tsoron jemagu da tsuntsaye da ɓeraye, suna tsoron ƙurar hunturu, suna tsoron guguwar farkon damina da ke shiga ƙarƙashin kwano ta yaye shi ta jefa gidan maƙwabta. Jemage maganinsa raga ce ta ƙarfe mai ƙananan ido, a kafe ta da kyau. Ƙura kuwa ko an toshe tana shiga ta ƙofofin kwano, kuma a bayan silin za ta kwanta, ba a kan gado ba. Ita guguwa ba 'yar tagar santimita talatin ke sa ta yaye rufi ba. Abin da ke sa ta yaye shi shi ne katakon da aka ɗora a kan bango ba a ɗaure shi da ƙarfe cikin kankare ba, da ƙusoshin da aka yi wa rowa a gefuna da kusurwoyi, inda iska ta fi ƙarfin ɗagawa. A gyara ɗauri, a bar rufi ya yi numfashi. Wanda kuma ya riga ya kewaye rufinsa da bango, ya fasa ya sa bulo mai huji a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, sama da layin silin, ƙasa da kwano.

Idan aka haɗa iska da farin kwano, zafin da bayan silin ke fuskanta yana iya dawowa wajen digiri 47 a maimakon 65. Bambanci ya zama 12. Da silin roba tsirara, zafin da ke sauka wat 460 ne. Da audugar santimita 5 a kai, wat 100 ne kacal. Ɗaki ɗaya, rana ɗaya, daga 1,150 zuwa 100. Lambobin na kusa ne, za su ɗan motsa daga gida zuwa gida, amma tazarar da ke tsakaninsu ba za ta ɓace ba. Kuma launin kwano kyauta ne ga wanda bai saya ba tukuna: fari, ko ruwan madara, ko launin alminiyam ɗinsa. Wanda ya riga ya rufa baƙi yana iya wanke shi ya shafa farin fentin rufi, ya riƙa wanke ƙura bayan hunturu don ita ma tana dusashe farin. Kada dai a shafa farar ƙasa a kan alminiyam, tana cin sa.

Kakanninmu ba su san wat ba, amma sun san rana. Rufin soro azara ce ta giginya, a shimfiɗa zana ko kara, a zuba ƙasa mai kauri, a shafe da makuba, a sa indararo. Ƙasar tana shanye zafin yini a hankali, sai dare ya yi ya iso ciki, a lokacin mutane suna waje suna shan iska. Matsalar soro ruwa ne da yaɓen kowace shekara, shi ya sa aka gudu zuwa kwano. Masu hikima a cikin birane da ƙauyuka ba su rushe soron ba, kwano suka ɗora a samansa suka bar tazara, kwano ya tare ruwa da rana, ƙasa ta tare huci, iska ta ratsa tsakani. Wannan dabarar ce Francis Kéré, ɗan Burkina Faso, ya gina makarantar firamaren ƙauyensu Gando da ita a 2001: silin na tubalin ƙasa, kwano a ɗage can sama a kan ƙarafa, gefuna a buɗe. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma ya karɓi lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gini, a 2022. Abin da duniya ta ba wa lambar yabo, mu a nan muna rushe irinsa muna cewa na ƙauye ne.

Akwai kuma takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano, wadda ake ce wa foyil. Tana aiki ƙwarai, don fuska mai ƙyalli kusan ba ta haska zafi, kashi biyar cikin ɗari kawai take fitarwa na abin da baƙar fuska za ta fitar. Amma sharaɗinta ɗaya ne, kuma kusan kullum ana karya shi: sai fuskar mai ƙyalli tana kallon sarari, aƙalla santimita biyu da rabi na iska. Idan aka matse ta tsakanin abu biyu, ta zama ƙarfe kawai, zafi ya ratsa ta kamar babu ita. Idan kuma aka kwantar da ita a bayan silin tana kallon sama, hunturu ɗaya ko biyu ya isa ƙura ta rufe ƙyallin, aikin ya ragu sosai. Wurinta shi ne ƙarƙashin katakan kwano, ƙyallin yana kallon ƙasa, inda ƙura ba ta zama. Sannan a tuna alminiyam yana ɗaukar lantarki. A ƙasar Ostareliya, cikin wani shirin gwamnati na sa abin tare zafi a gidaje a 2009 da 2010, matasa huɗu sun mutu a cikin rufi. Uku lantarki ne ya kashe su, ɗaya zafi, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka harba ƙusar ƙarfe ta ratsa foyil ta shiga waya. A kashe wuta daga babban makunni kafin kowa ya hau, a cire inbata da janareta ma.

Maganar waya ta kawo mu inda gargaɗin ya fi tsanani. Wayoyin gidajenmu a bayan silin suke bi, da yawa ba a cikin bututu ba, an murɗa haɗi an naɗe da baƙin tef. Robar da ke jikin wayar gida an yi ta ne don kada ta wuce digiri 70, kuma ƙarfin da aka rubuta mata an auna shi ne a iska mai digiri 30. Idan iskar da ke kewaye da ita ta kai 50, abin da za ta iya ɗauka lafiya ya dawo kashi bakwai cikin goma. Idan ta kai 60, rabi ne. Wato a toshasshen rufi wayar ta rasa rabin ƙarfinta a daidai lokacin da aka kunna na'urar sanyaya ɗaki da firiji da duk fankokin gida. Robar ta bushe, ta tsage, wata rana haɗi ya yi tartsatsi. Don haka ma idan za a shimfiɗa auduga, waya ta bi ta samanta cikin bututu, kada a binne ta a ƙasa inda zafinta ba zai fita ba, a kuma bar 'yar tazara kewaye da fitilun da aka nutsa cikin silin.

Idan tartsatsin ya faɗa kan silin fi'ofi, da sauƙi, don hodar ba ta ci. Silin roba kuwa tun wajen digiri 70 zuwa 80 yake fara laushi, shi ya sa za ka ga ya yi ciki ya lanƙwashe a ɗakunan da rufinsu ya yi ƙasa. Wannan lanƙwasar ba tsufa ba ce, shaida ce ta abin da ke sama. A gobara yana narkewa ya zubo, yana fitar da baƙin hayaƙi mai iskar asid da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu, a ɗakin da tagoginsa duka an yi musu ƙarfen ɓarayi. Mafi muni su ne masu neman araha da ke cusa farin soson nan da ake tallafe talabijin da shi cikin kwali, ko yankakkiyar tsohuwar katifa, ko kwalaye, a bayan silin. Gaskiya ne suna tare zafi. Amma farin soso yana kamawa da wuri, yana ɗiga da wuta a jikinsa, kuma idan ya daɗe yana taɓa waya yana tsotse man da ke sa robarta laushi har ta yi ƙarfi ta farfashe. Kada a sa shi tsirara a saman inda mutane ke barci. A kicin kuwa, silin roba ma bai kamata ya shiga ba sam.

Wani kuskuren kuma yana faruwa wajen gyaran tsofaffin gidaje. Ana farfasa tsohon silin asbesto da guduma don a maye shi da na roba, yara suna wasa cikin ƙurar. Ƙurar asbesto tana jawo cutar dajin huhu da ta rufin huhu, kuma sai bayan shekara ashirin ko fiye take bayyana. Idan bai fashe ba, a yi masa fenti a bar shi, a shimfiɗa audugar a bayansa ba tare da hudawa ba. Idan dole ne a sauke shi, a jiƙa shi da ruwa, a cire shi ɗai-ɗai da ransa, ba zarto, ba guduma, ba shara da tsintsiya a bushe.

Kada kuma a ɗora wa silin abin da ba nasa ba. Ba ya sanyaya ɗaki, hana ƙarin zafi kawai yake yi. Bangon yamma da ke shan rana daga azahar zai ci gaba da huci cikin dare sai an yi masa inuwa da rumfa ko bishiya. Kuma abin da ya hana zafi shigowa yana hana shi fita, saboda haka a ɗakin da aka gyara sai a rufe tagogi da rana, a buɗe su da dare iska ta ratsa.

Mai son sanin halin ɗakinsa ba ya buƙatar injiniya. Da ƙarfe uku na rana ya taka tsani ya ɗora tafin hannu a jikin silin, sannan ya taɓa bangon ciki da rana ba ta bugu. Idan silin ya fi bangon zafi a fili, rufi ne ke gasa shi. Sai ya fita ya zaga gidan ya nemi inda iska ke shiga ƙarƙashin kwano da inda take fita. Idan bai ga ko ɗaya ba, daga nan zai fara, don fasa kafa da sa raga ya fi komai araha. Bayansa auduga a ɗakin da yara da tsofaffi ke kwana, su ne zafi ya fi saurin kayarwa, sannan fenti. Mai neman haya shi ma ya je duba ɗaki da azahar, kada ya yarda dillali ya kai shi da sassafe ko bayan magariba. Wanda kuma aikinsa ke hannun kafinta a yanzu, kafin a buga farantin ƙarshe ya tsaya a kansa ya ce: "Malam, ka bar mini ƙofar shiga rufi, santimita 60 kowane gefe, a baranda ko a lungu." Gidaje da yawa an rufe silinsu ruf babu mashiga, ta yadda ko waya za a duba, ko yoyo za a toshe, ko audugar za a shimfiɗa daga baya, sai an ɓalle adon da aka kashe wa kuɗi.